Tambayoyi da Amsoshi: Kejin Zomanya da Lissafin Haihuwarta a Jos

Tambaya: Malam, ina da zomaye mata huɗu da namiji ɗaya a Bukuru, duk a keji guda, amma 'ya'yan ba sa rayuwa. Ina matsalar take?

Haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen asarar, domin matan suna faɗa a kan wurin haihuwa, suna tattake jarirai, namijin kuma yana sake hawa uwar da zarar ta haihu. Kowace zomanya tana buƙatar kejinta, mai tsawon santimita 90, faɗin 60 da tsayin 45, a ɗage daga ƙasa, da daɓen ragar waya yadda kashi da fitsari za su zube. Namijin ma a ware masa nasa.

Tambaya: To, yaya za a yi barbara?

Macen ake kai wa namiji, domin idan aka shigar da shi kejinta takan far masa da cizo. A bari ta kai wata biyar zuwa shida idan irin New Zealand ce, a kai ta da sassafe, a tsaya ana kallo. Idan namijin ya hau ta ya faɗi gefe guda, an gama, sai a mayar da ita a rubuta ranar. Wannan rubutu, a ganina, ya fi kowane kayan aiki amfani, tunda cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka.

Misali, wadda aka yi wa barbara ranar 1 ga Disamba, za a lallatsa mararta a hankali wajen 13 ga wata, inda ake jin 'ya'yan kamar ƙananan ƙwallaye masu sulɓi. Idan ta fara tsige gashinta tana tara ciyawa wajen 18 ga wata, yawanci cikin ƙarya ne, sai a mayar da ita wurin namiji. Akwatin haihuwa na katako yana shiga ranar 29, da busasshiyar ciyawa a ciki, domin idan aka sa shi da wuri takan mai da shi wurin kashi. Ana sa ran haihuwa wajen 1 ga Janairu, yaye kuma bayan mako shida, wato 12 ga Fabrairu.

Tambaya: Sanyin hunturu fa?

Babbar zomanya tana jure sanyin Jos fiye da zafin Abuja, amma jarirai ana haifar su ba gashi, kuma wanda ya faɗo daga akwati da dare zai iya mutuwa kafin asuba. A rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, a bar sama a buɗe don numfashi. Kowace safiya a duba su: wanda ya sha nono cikinsa a cike yake, fatarsa a miƙe, wanda bai sha ba kuwa fatarsa a yamutse take. Kada a ɗauka uwar ta ƙi su don ba a gan ta a akwati ba, domin sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintuna. Ruwan sha kuma kada ya yanke mata, musamman daren haihuwa, domin ƙishirwa na cikin abubuwan da ke sa ta cinye 'ya'yanta.