Mene ne ƙwannafi, kuma me ya sa ya fi tashi da dare?

Ƙwannafi shi ne zafi ko raɗaɗin da mutum kan ji a tsakiyar ƙirji, a bayan ƙashin ƙirji, wanda yakan taso daga saman ciki ya nufi maƙogwaro, wani lokaci tare da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. Abin da ke haddasa shi shi ne komowar ruwan tumbi zuwa hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro ya gangara ciki. Wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin asid mai ƙarfi wanda ke taimakawa wajen narkar da abinci. Tumbi yana da majinar da ke kare bangonsa daga wannan sinadari, amma hanyar abinci ba ta da irin wannan kariya, shi ya sa ko ɗan kaɗan ya taɓa ta sai a ji kamar an zuba garwashi.

A daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai zagaye wadda ke buɗewa idan an haɗiyi loma, sannan ta tsuke kamar bakin jaka mai zare. A wurin mafi yawan masu fama da ƙwannafi, tumbi ba ya samar da asid fiye da kima. Matsalar ita ce wannan tsoka tana saki a lokacin da bai kamata ba, ko kuma matsin da ke cikin ciki ya fi ƙarfinta. Wannan ne ya bambanta ƙwannafi da gyambon ciki, wanda ake kira olsa, ko da yake jama'a sukan haɗa su wuri ɗaya. Olsa miki ne a bangon tumbi ko a farkon hanji, kuma galibi ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin. Mutum zai iya shekara da shekaru yana ƙwannafi ba tare da yana da miki ko ɗaya ba.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke wuni a rumfa bai ci komai ba sai shayi da burodi da safe. Ya dawo gida bayan sallar isha'i da yunwa, ya ci tuwo malmala biyu da miya mai yawan mai da yaji, ya kora da lemon kwalba, ƙarfe goma ya kwanta. Wajen ƙarfe ɗaya sai zafin ƙirji ya tashe shi, wani lokaci har da tari da shaƙewa. Idan aka tambaye shi zai ce yajin ne, amma yaji shi ne mafi ƙarancin laifi a nan. Cikar tumbi ita ce ta farko, domin idan bangonsa ya miƙe sai tsokar nan ta riƙa saki akai-akai. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, kuma shi ma yana sassauta tsokar. Iskar da ke cikin lemo tana ƙara kumburi, kuma kowace gyatsa buɗe ƙofa ce. Daga ƙarshe kwanciya ta kawar da abin da ke riƙe ruwan a ƙasa lokacin da mutum yake zaune ko tsaye, ga shi kuma a cikin barci yawu yana raguwa, alhali yawu ne ke wanke asid ɗin da ya taso.

Saboda haka gyaran da ya fi amfani ga irin wannan mutum ba ya buƙatar ya rabu da tuwo. Ya samu abin da zai ci da rana don kada ya iso gida da matsananciyar yunwa, ya rage na dare zuwa malmala ɗaya, ya ci shi bayan magariba, ta yadda za a samu tazarar awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Idan duk da haka zafin yana tashinsa, sai ya ɗaga gadon ta wajen kai da kimanin santimita 15 zuwa 20, ta hanyar sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gadon. Tara matasan kai ba ya wadatarwa, domin wuya kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa jiki, ya ƙara matse ciki. Kwanciya ta ɓangaren hagu ta fi sauƙi ga mai ƙwannafi, saboda a haka mahaɗar nan tana kasancewa sama da ruwan tumbi. A watan azumi ma lissafin ɗaya ne: soye-soye da yawa a buɗa-baki, da komawa barci nan take bayan sahur, su ne ke tayar da shi.

Game da nau'in abinci, akwai masu sassauta tsokar, kamar abinci mai maiƙo, na'a-na'a, cakulan da barasa, kuma taba sigari tana yin haka tare da rage yawu. Kofi, shayi mai kauri da goro suna tayar wa wasu da shi. Akwai kuma masu ƙara raɗaɗi a hanyar da ta riga ta yi tsami, irin su barkono, tumatir, lemon tsami da tsamiya. Sai dai jiki ya bambanta, kuma ba daidai ba ne a miƙa wa mutum doguwar takardar hani har ya rasa abin ci. Abin da ya fi shi ne ya riƙa rubuta abin da ya ci da lokacin da zafin ya zo na mako biyu, sannan ya bar abu ɗaya ya ga ko an samu canji kafin ya taɓa na biyu. Teɓa da ɗaure ciki da bel ko zani sosai suna ƙara matsi, kuma rage ƙiba na daga cikin matakan da amfaninsu ya fi tabbata. Mai juna biyu kuwa, sauyin sinadaran jiki da girman mahaifa ne ke jawo mata shi, kuma yakan wuce bayan haihuwa.

Mutane da yawa sukan jiƙa kanwa su sha, kuma gaskiya ne tana kashe kaifin asid na ɗan lokaci, amma tana da gishirin sodiyam mai yawa, wanda haɗari ne ga mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, ga shi ba a san ma'auninta ba. Madara ma tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci kawai. Magungunan kemis iri biyu ne da ake yawan rikita amfaninsu. Na ruwa ko na taunawa, irin su Gaviscon, suna aiki cikin mintuna, kuma ana shan su bayan cin abinci da lokacin kwanciya. Omeprazole kuwa rage samar da asid yake yi, ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a ga cikakken aikinsa, don haka haɗiye shi tsakar dare ba zai kashe zafin nan take ba. Bai kamata a wuce mako biyu ana shan sa ba tare da ganin likita ba.

Idan ƙwannafi yana zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko ya ƙi jin gyara da magani, ya zama ciwon da ke buƙatar bincike, domin asid yana iya ƙona hanyar abinci har ta yi tabo ta tsuke. Wahalar haɗiya, rama ba dalili, amai mai jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta suna bukatar asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka kuma zafin ƙirjin da ke zuwa da nauyi, gumi da sarƙewar numfashi, ko wanda ke bazuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, yana iya zama na zuciya, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, kuma wannan asibiti ake garzayawa da shi a take.