Ma'anar haɗin 1:2:4, da yadda ake fitar da nauyin siminti a kubik mita ɗaya na kankare

Idan aka rubuta 1:2:4 a takardar gini, ana nufin awo ɗaya na siminti, awo biyu na yashi, awo huɗu na tsakuwa. Awon kuwa na cikar mazubi ne, ba na sikeli ba. To amma siminti da kilo ake sayar da shi, a buhu mai kilo 50, kankare kuma da kubik mita ake ƙiyasta shi bayan an zuba. Dole ke nan a san kilo nawa ke shiga kowane kubik mita.

Mutane da yawa kan ce 1 da 2 da 4 bakwai ke nan, don haka siminti kashi ɗaya ne cikin bakwai na kubik mita. Sai su ninka da 1,440, wato nauyin kubik mita ɗaya na garin siminti, su sami kilo 206. Wannan lissafin kuskure ne, domin awo bakwai na busassun kaya ba ya ba da awo bakwai na kankare. Cika bokiti da tsakuwa ka zuba masa ruwa, za ka ga ya sha kusan kashi 40 cikin ɗari na cikinsa kafin ya tumbatsa. Wannan gurbin ne yashi ke cikewa a wajen kwaɓi, siminti da ruwa kuma su cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Kayan suna shigewa cikin juna, tarin ya ragu.

Daga nan lambar 1.54 ta fito. Ana buƙatar kimanin kubik mita 1.54 na busassun kaya kafin a sami kubik mita ɗaya na kankaren da aka danne da kyau.

```
1.54 ÷ 7 = 0.22 m³
0.22 × 1440 = 317 kg
317 ÷ 50 = 6.3
```

Wato kilo 317, buhu shida da kusan sulusi. Yashi zai kama kubik mita 0.44, tsakuwa 0.88. Haɗin 1:3:6 kuma da 10 ake rabawa, ya ba da kilo 222.

A ɗauki daɓe mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, kaurin santimita 15. Kankarensa kubik mita 4.5 ne, simintinsa kilo 1,426, buhu 29 idan an cike. Wanda ya bi lissafin farko buhu 19 zai tanada. Ko dai siminti ya ƙare ana tsakiyar zubi, a bar gaɓa mai rauni inda sabon kankare ya haɗu da wanda ya fara daskarewa, ko kuma masu kwaɓi su riƙa ƙara yashi da tsakuwa don ya isa, a tashi da abin da bai ma kai ƙarfin 1:3:6 ba.

Sai dai 1.54 ƙiyasi ne. Wasu na amfani da 1.52, wasu 1.57, gwargwadon irin tsakuwa da yashi da yawan ruwa. Idan aka bi ainihin nauyin kowane kaya, 1:2:4 kan faɗo tsakanin kilo 300 da 320. Don haka lambar ta isa a sayi kaya da ita, amma ba ta tabbatar da ƙarfin kankare. Ginshiƙi ko bene mai ɗaukar nauyi sosai yana buƙatar haɗin da injiniya ya tsara da sikeli, aka kuma gwada.

Ita ma 1,440 tana da sharaɗi. Siminti da aka zazzage daga buhu yana shan iska ya kumbura, mazubi ya cika alhali nauyin bai kai ba. Shi ya sa ya fi kyau a ɗauki buhu ɗaya a matsayin awo ɗaya, kimanin lita 35, a ƙera akwatin katako mai santimita 30 da 30 da zurfin 39. Kowane buhu ya tafi da akwati biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a share bakin akwatin ba tare da tozo ba.

Yashi mai danshi shi ma yana kumbura, wani lokaci da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, musamman mai laushi. Gwajinsa ba wuya: zuba shi a kwalba mai miƙaƙƙen jiki har santimita 20, ka cika da ruwa, ka motsa, ka bari ya kwanta. In ya sauka zuwa 16, ya kumbura da rubu'i, sai a ba kowane buhu akwati biyu da rabi. In ba a yi haka ba, kwaɓin zai fito da kaushi, tsakuwa tana warewa, kankaren da aka samu ya gaza abin da aka lissafa, kuma idan aka cire katako a ga ramuka kamar saƙar zuma a jikinsa.