Matashi da dattijo a aji ɗaya na yaƙi da jahilci

Ajina akwai 'yan shekara 17, akwai waɗanda suka haura 60. Samarin na riga kowa amsa, dattawan sun yi gum. In raba su ne?

Kada ka yi rabon bisa shekaru, sai dai bisa abin da kowa ya iya. A makon farko ka zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai na minti biyar, ka gani ko ya san wasula, ko yana haɗa baƙi da wasali, ko yana rubuta sunansa. Sau da yawa za ka tarar saurin matashi ragowar firamaren da ya bari ce, shirun dattijo kuwa gudun kunya ne. Mutumin da ake jin maganarsa a gida ba zai so ya yi kuskure a gaban sa'an jikansa ba. Don haka ka daina jefa tambaya ga aji duka. Kowa ya rubuta amsa a takardarsa, kai kuma ka zagaya, ka yi gyara da murya ƙasa-ƙasa.

To wane darasi ne zai dace da su duka?

Wanda ya fito daga bakinsu. Malcolm Knowles, masanin ilimin manya ɗan Amurka, ya nuna cewa babba yana son sanin amfanin abu kafin ya koya, kuma yana shigowa aji da gogewarsa. Paulo Freire, masanin ilimi ɗan Barazil, ya yi aiki da irin wannan a ƙasarsa a 1963, inda yake fara darasi da kalmar da ɗaliban ke rayuwa da ita.

Ɗauki kalmar "magani". A yi minti goma ana hira a kan wahalar rashin iya karanta takardar magani. A nan dattawa ne ke jan zance, kuma ni a ganina wannan mintuna goman su ne ke riƙe su a aji. Sannan ka rubuta ma-ga-ni a allo, ka fitar da dangin kowace gaɓa: ma me mi mo mu, ga ge gi go gu, na ne ni no nu. Su da kansu za su haɗo "gani", "gona", "nema", "gini". Wanda ya gama da wuri ya tsara jimla, kamar "mu nemi magani", maimakon ya zauna yana leƙa takardar wani.

Wata baiwar Allah kullum tana rikita "n" da "m". Mantuwar tsufa ce?

Fara duba ido. Daga shekara 40 gani na kusa yana raguwa. Idan tana karanta allo daidai amma tana nesanta littafi daga fuskarta, tabarau take buƙata. Kafin ta samu, ka manyanta mata rubutu, ka zaunar da ita inda haske yake.