Yadda ake haddace jinsin sunaye a Faransanci ta hanyar ƙarshen kalma da biro mai launi

Na fara koyon Faransanci, amma kullum sai in rikita *le* da *la*. Shin dole sai na haddace kowace kalma ita kaɗai?

Ba dole ba ne, domin mafi yawan sunayen Faransanci suna nuna jinsinsu a haruffansu na ƙarshe. A shekarar 2006, Roy Lyster na Jami'ar McGill da ke Kanada ya wallafa nazarin da ya yi a kan sunaye kusan dubu goma, inda ya gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 ana iya gane jinsinsu daga yadda suka ƙare. Saboda haka aikin ya kasu biyu: a riƙe ƙarshen kalmomi kaɗan waɗanda ba su cika yaudara ba, sannan a kashe ƙarfin hadda a kan ragowar da ba su bin ƙa'ida.

A ɓangaren tamata, waɗanda suka fi cancantar a dogara da su su ne *-tion*, *-sion*, *-ette*, *-ance*, *-ence*, *-ure* da *-té*, kamar a *la nation*, *la voiture* da *la liberté*. A ɓangaren namiji kuwa akwai *-ment*, *-age*, *-eau*, *-isme* da *-oir*, kamar a *le gouvernement*, *le village* da *le bateau*. Waɗannan goma sha biyu sun isa mai farawa, kuma a ganina wanda ya kwafo jerin arba'in ko hamsin a makon farko ya ƙara wa kansa nauyi ne kawai.

Malaminmu ya ce duk kalmar da ta ƙare da *-e* tamata ce. Haka ne?

Sau da yawa haka take, amma harafi ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba. *Le village*, *le tourisme*, *le problème*, *le système*, *le musée* da *le livre* duk da *-e* suka ƙare, kuma duk maza ne. Haruffa biyu zuwa huɗu na ƙarshe ake dubawa.

Akwai kuma tarkon da ya shafi Bahaushe musamman. Kunnenmu ya saba da cewa sunan da ya ƙare da *-a* yawanci tamata ne, alhali *le cinéma* da *le pyjama* maza ne. Jinsin abu a Hausa ma ba ya bin sa zuwa Faransanci: rana tamata ce amma *le soleil* namiji, gida namiji ne amma *la maison* tamata.

Ta yaya zan yi amfani da launi a littafina?

A sami biro uku: shuɗi na namiji, ja na tamata, da kore wanda za a keɓe wa masu saɓa wa ƙa'ida. Kowane launi aka zaɓa ya yi, muddin ba a sauya shi daga baya ba. Ana rubuta sunan gaba ɗayansa da launinsa, tare da *un* ko *une* a gabansa, sannan a ja layi a ƙarƙashin ƙarshen da ya nuna jinsin. Dalilin fifita *un* da *une* shi ne, idan suna ya fara da wasali ko da *h* marar sauti, *le* da *la* duka suna komawa *l'*, ta yadda *l'hôtel* da *l'école* ba sa gaya wa mai karatu komai, amma *un hôtel* da *une école* sun fayyace.

Bari mu ɗauki sunaye takwas da za a iya tsinta a darasi ɗaya a kan tafiye-tafiye: *voyage*, *plage*, *réservation*, *bureau*, *eau*, *été*, *appartement* da *gare*. Huɗu daga ciki ƙa'ida ta gama da su. *Un voyage*, *un bureau* da *un appartement* za su shiga da shuɗi, *une réservation* kuma da ja, kowanne da layi ƙarƙashin ƙarshensa, kuma ba sa bukatar wata hadda ta daban. Uku sun saɓa: *plage* ta ƙare da *-age* amma tamata ce, *eau* ita ma tamata ce, shi kuwa *été* ya ƙare da *-té* amma namiji ne. Waɗannan za a rubuta su da launin jinsinsu na gaskiya, sannan a kewaye su da kore. Ta ƙarshe, *une gare*, ba ta cikin ƙarshen da muka lissafa, don haka za a rubuta ta da ja ba layi, alamar cewa hadda ce kaɗai za ta riƙe ta. Da an kalli shafin an san inda aiki yake: ana maimaita huɗu maimakon takwas.

Masu koren da'ira su ne suka cancanci shafinsu na musamman a ƙarshen littafi, domin ba su da yawa kuma kullum ake cin karo da su. A ƙarƙashin *-age* a tara *page*, *plage*, *cage*, *image*, *nage* da *rage*, dukansu tamata. A ƙarƙashin *-eau* a sa *eau* da *peau*, a ƙarƙashin *-té* a sa mazan nan *été*, *côté* da *comité*, sai *le silence* da ya fita daga dangin *-ence*. Kowanne a haɗa shi da sifar da sautinta ke sauyawa da jinsi, a kuma furta shi da baki: *l'eau froide*, *la grande plage*, *un long silence*. Sautin *d* da ake ji a ƙarshen *froide* yana tuna wa kunne abin da launi ya nuna wa ido.

Littafina ya cika da launuka, amma a jarrabawa ina kuskure. Mene ne matsalar?

Galibi ido ne ya saba karanta launi, ba a taɓa tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo amsa da kanta ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a rubuta sunaye ashirin da baƙin biro, ba *un* ba *une*, a cakuɗa su, a ajiye takardar zuwa gobe, sannan a cike jinsinsu ba tare da duba littafi ba. Idan kurakuran sun taru a masu koren da'ira, shafin baya ne ke son bita. Idan kuma a irin su *réservation* aka faɗi, ƙa'idar ce ba ta zauna ba tukuna. Mai amfani da ƙananan katuna ya bar gaban katin da baƙi, launin ya kasance a bayansa.

Akwai kuma inda dabarar ke gazawa. Ƙarshen *-eur* ya rabu biyu, domin *la couleur* da *la chaleur* tamata ne, *le moteur* da *le bonheur* maza ne. Wasu sunayen kuma ma'anarsu ce ke sauyawa da jinsi: *le livre* littafi ne, *la livre* ma'aunin nauyi ko kuɗin fam, *le tour* zagaye ne, *la tour* hasumiya. Irin waɗannan a rubuta su sau biyu, kowanne da launinsa da gajeriyar jimla.

Zan iya bin wannan tsari a Jamusanci?

Ƙwarai, sai dai jinsi uku ne, *der* na namiji, *die* na tamata, da *das* na wanda ba namiji ba tamata ba, don haka kore zai koma na *das*, a nemi wani launin domin da'ira. *-ung*, *-heit*, *-keit* da *-schaft* na *die* ne, *-chen* da *-lein* na *das*, *-ismus* da *-ling* na *der*. Idan suna haɗaɗɗe ne, jinsin kalmar ƙarshe yake ɗauka, shi ya sa *das Haus* da *die Tür* suke ba da *die Haustür*, kuma ɓangaren ƙarshen kaɗai ya kamata a shafa wa launi.