Lambobin SPH, CYL da AXIS a takardar tabarau

Takardar tabarau ita ce wadda likitan ido ke rubutawa bayan gwaji domin mai haɗa gilashi ya san ƙarfin da zai sa. Kowane ido yana da layinsa: OD ko R na dama, OS ko L na hagu. Ana auna ƙarfin gilashi da diyofta, kuma lambobin kan hau ne da 0.25.

SPH shi ne ƙarfin da yake daidai ta kowane ɓangaren gilashin. Alamar debewa (−) tana nuna mai idon ba ya ganin nesa sosai. Mai −2.00, misali, yana gani tar har kusan santimita 50, abin da ya wuce nan sai dishi-dishi. Alamar tarawa (+) kuwa ta idon da ke shan wahala ne, musamman a kallon kusa. Idan aka rubuta PL, babu ƙarfi a wannan gurbi.

CYL da AXIS tare suke tafiya. Suna gyara idon da gabansa bai yi zagaye sosai ba, ya ɗan yi siffar ƙwai, don haka wani ɓangare ya fi wani lanƙwasa haske. CYL ne ƙarin ƙarfin, AXIS kuma yana nuna yadda za a karkata shi, daga digiri 1 zuwa 180. Digiri 90 a tsaye yake, 180 a kwance. A nan mutane suka fi ruɗewa: AXIS ba ƙarfi ba ne, mai 170 bai fi mai 10 ciwon ido ba.

A ɗauki OD −2.00 / −1.00 x 180, wato SPH −2.00, CYL −1.00, AXIS 180. A kan layin AXIS ɗin kansa CYL ba ya aiki, saboda haka a kwance ƙarfin −2.00 ne kawai. A tsaye ne, wato digiri 90 daga can, yake aiki gaba ɗaya, sai ƙarfin ya zama −3.00.

Wani likitan zai rubuta wannan gilashin da alamar tarawa: −3.00 / +1.00 x 90. Ba wani tabarau ba ne daban. An haɗa SPH da CYL ne, aka juya alamar CYL, aka matsar da AXIS da digiri 90. Ya kamata a yi wannan lissafi kafin a ce likitoci biyu sun saɓa wa juna.

Takardar da ke da CYL babu AXIS ba ta cika ba, sai a mayar wa wanda ya rubuta. Kuma gwargwadon girman CYL, gwargwadon illar kuskuren AXIS. Mai −0.50 zai iya ƙin lura da gocewar digiri 5, amma mai −3.00 zai ga rubutu da inuwa, bango kamar ya karkace, har da ciwon kai. Sabon tabarau kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ido ya saba, amma idan alamun sun ƙi wucewa, a shagon tabarau akwai na'urar da ke karanta ƙarfin gilashin a gwada shi da takardar.