Dokar Hooke: milimita nawa waya za ta miƙe idan aka rataya mata nauyi?

A ɗaure wayar ƙarfen sitil mai tsawon mita 2 da kaurin milimita 0.5 a jikin ginshiƙin rufi, a rataya mata kilo 4. Ido ba zai ga komai ba, amma ta ƙara tsawo da kusan milimita 2. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ta ce ƙarin tsawon yana bin ƙarfin jan sau da ƙafa: a ninka nauyi, miƙewar ta ninku, a sauke shi, waya ta koma yadda take. Sharaɗin shi ne kada a wuce iyakarta.

Sai dai milimita 2 ɗin nan labarin wannan wayar ce kaɗai. Wadda ta fi ta tsawo za ta fi ta miƙewa, wadda ta fi ta kauri ba za ta kai ta ba, alhali ƙarfen ɗaya ne. Don a gane halin ƙarfen kansa, sai a cire kauri da tsawo daga lissafin.

Kauri ake fara cirewa. A raba ƙarfin jan da faɗin fuskar wayar, wato ɗan da'irar da ake gani idan aka datse ta. Abin da ya fito shi ne sitires. Kilo 4 yana ja da kusan niyuton 40, idan aka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10. Rabin kaurin, wato r, milimita 0.25 ne. Idan A ne faɗin fuskar, F ƙarfin jan, σ kuma sitires, wanda ake aunawa da pascal, wato Pa:

```
A = πr² = 0.196 mm² = 1.96 × 10⁻⁷ m²
σ = F/A = 40 / (1.96 × 10⁻⁷) ≈ 2.0 × 10⁸ Pa
```

Sannan tsawo. A raba ƙarin da aka samu, e, da tsawon asali, L, shi ne sitiren, ε. Milimita 2 cikin milimita 2,000 kashi ɗaya ne cikin dubu, kuma ba shi da ma'auni, tunda tsawo aka raba da tsawo. Idan aka raba sitires da sitiren sai a sami modulus ɗin Young, E, wanda ya ci sunan Thomas Young:

```
ε = e/L = 0.001
E = σ/ε = FL/(Ae) ≈ 2.0 × 10¹¹ Pa
```

Wannan adadin na sitil ne, ko siririyar waya ce ko rodin gini. Na jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki bai kai haka ba, wajen kashi uku cikin biyar ɗinsa ne, shi ya sa ya fi saurin miƙewa. A lura cewa modulus taurin miƙewa yake aunawa; bai faɗi nauyin da zai tsinka wayar ba.

Wajen kauri aka fi tafka kuskure. Wanda ya sa 0.5 a gurbin r maimakon 0.25 ya ninka faɗin sau huɗu, sai modulus ɗinsa ya faɗo zuwa rubu'in na gaskiya. Ko ƙaramin kuskure ma ninkuwa yake, domin r sau biyu yake shiga lissafi: kuskuren milimita 0.01 a kan 0.5 kashi 2 ne cikin ɗari, amma a faɗi ya zama 4. Don haka da maikiromita, na'urar auna kaurin ƙananan abubuwa, ake auna kaurin, a wurare uku ko fiye a tsawon wayar, ana juya ta, sannan a ɗauki matsakaici. Rula ba ta da aiki a nan.

Zafi ma yana yaudara. Idan ɗaki ya ƙara ɗumi da digiri 10, kamar daga safiyar hunturu zuwa azahar, wannan wayar za ta ƙara kusan milimita 0.24 ba tare da an ɗora mata komai ba. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema. Maganinsa shi ne tsarin Searle: wayoyi biyu iri ɗaya a ginshiƙi ɗaya, guda tana riƙe da sikelin awon tsawo da nauyin da ba ya canzawa, ɗayar ita ake ƙara wa kaya. Zafi ko lotsawar ginshiƙi duk biyun yake shafa, sai bambancinsu kawai a karanta. Kafin a fara, a rataya ɗan nauyi ya warware lanƙwasar wayar, in ba haka ba za a ɗauki warwarewar a matsayin miƙewa.

A riƙa ƙara rabin kilo rabin kilo ana rubuta ƙarin tsawon, sannan a sauke su ɗaya bayan ɗaya ana sake karantawa. Zanen nauyi da miƙewa ya kamata ya fito miƙaƙƙen layi. Idan ya fara karkata, ko wayar ta ƙi komawa tsawonta na farko bayan an sauke kaya, an wuce iyaka, kuma adadin da aka samu daga nan ba ya shiga lissafin modulus. Wayar jan ƙarfe mai taushi, mai irin wannan kaurin, tana iya kaiwa nan tun kafin kilo 4, don haka da ƙananan nauyi ake gwada ta. A sa tabarau na kariya, a kuma janye ƙafa daga ƙarƙashin kayan, domin waya idan ta tsinke bulala take yi.