Kada ku goge ##### a rajistar rigakafi

'Yan uwa ma'aikatan asibitocin ƙauye, musamman masu shigar da sunayen yaran rigakafi a Excel, ga abin da na tarar a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ringim. Wata abokiyar aikinmu ta buɗe rajista ta ga layin ranar haihuwa duk ya koma #####, sai ta goge ta zauna sake rubutawa daga katunan yara. Wuni guda ta ɓata, alhali babu abin da ya lalace.

Wannan alamar tana fitowa ne idan gidan ya yi wa lamba ko kwanan wata kaɗan. Da suna ne, Excel zai nuna rabinsa, amma lamba ba ya gutsure ta, gara ya rufe ta gaba ɗaya. Ku danna gidan ku dubi dogon filin rubutu da ke sama, za ku ga kwanan watan yana nan daram. Gyaran kuwa: idan ranar haihuwa a layin B take, a kai linzami kan iyakar da ke tsakanin harafin B da C a can sama, a danna sau biyu, layin B zai buɗe daidai da abin da ke cikinsa.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce ta biyu. Yaro an haife shi 15 ga Maris 2025, sai ka ga gidansa ya nuna 45731. Excel ƙidayar kwanaki yake yi, ya ɗauki 1 ga Janairu 1900 a matsayin rana ta 1, don haka 45731 ita ce ranar haihuwar yaron, riga kawai aka tuɓe mata. Yawanci garin kwafowa daga wata takarda hakan ke faruwa. A zaɓi layin duka, a danna Ctrl+1, a ɗauki Date, sai OK.

Wannan ƙidayar ma amfaninmu ce. Penta ta farko a mako shida ake yin ta, wato kwana 42. Idan ranar haihuwar tana gidan B2, ga yadda za ka samu ranar allurar:

```
=B2+42
```

Idan ya ba ka 45773, mayar da gidan Date, za ka ga 26 ga Afrilu 2025. Akasin haka ma na faruwa: ka nemi yawan kwanakin da ke tsakanin haihuwa da allura, maimakon 42 sai ka ga 11 ga Fabrairu 1900. Nan General ko Number gidan yake so.

In kuma ka faɗaɗa layi har ya kusa cinye allo amma ##### ya ƙi tafiya, to ba matsi ba ne. Lissafin ne ya faɗi ƙasa da sifiri a gidan da aka sa wa Date, galibi don an rubuta ranar allura ta riga ranar haihuwa. A nan ne kaɗai za ka ɗauko katin yaron ka gwada da abin da aka shigar.